Yadda ake zaunar da magudanar banɗaki da fitar da gangare don kada ruwa ya kwanta a bakin ƙofa

In ka shiga banɗaki ka tarar ruwa ya taru a bakin ƙofa, sai an sa tsintsiya ko mofa an kora shi zuwa magudana, to ba tayil ɗin ne ke da laifi ba, kuma yawanci ba magudanar ce ta toshe ba. Tun kafin a ɗora tayil ko ɗaya aka yi ɓarnar, lokacin da ake zuba kwaɓin ƙasa babu wanda ya ɗauki tef ya ce ga tsayin bakin ƙofa, ga tsayin magudana. Mai tayil ya zo ya fara daga inda ya fi masa sauƙi, yana ƙiyasta gangare da ido, falamba kuma tuni ya kafa bututunsa ya tafi, kowa ya yi nasa amma ba wanda ya haɗa lissafin. Mu kuma yawancinmu da bokiti muke wanka, ruwan ba a hankali yake sauka kamar na shawa ba, lokaci guda ake sheƙa shi, ga na alwala ga na wanki, don haka ƙasan banɗakinmu ya fi bukatar gangare na gaskiya.

Bari in ɗauki banɗaki guda ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe, irin wanda ake yi a cikin ɗaki, faɗinsa mita 1.8 tsawonsa mita 2.4, ƙofa tana jikin gajeren bangon ta ɓangaren hagu.

Abu na farko shi ne inda magudanar za ta zauna, kuma wannan maganar da falamba ake yinta tun kafin a zuba jaman fulo, wato kankaren ƙasa, ko dekin. A ajiye ta nesa da ƙofa iya yadda zai yiwu, a wajen da za a riƙa tsayawa wanka. A namu misalin kusurwar can ciki ta dama ce, wadda ke kallon ƙofar a karkace. Amma kada a manna ta a jikin bango, a bar kamar santimita 30 daga kowane bango, saboda mai tayil ya samu wajen yanka, kuma ruwan da ke gangarowa daga bango ya samu hanyar da zai bi ya shiga. Sannan a duba inda masai zai zauna. In aka dasa shi a tsakanin ƙofa da magudana ta yadda ruwa sai ya zagaya bayansa, to nan bayan zai zama matattara, kullum a jiƙe yana wari. Gara masai ya koma gefe ɗaya, hanyar ruwa ta zama a buɗe.

Yanzu sai lissafin gangaren. Abin da ya dace shi ne ƙasa ta sauka santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita ɗaya. Masu aiki da inci suna cewa kwatan inci a kowace ƙafa, wanda kusan santimita 2 ɗin ne a mita. In ya gaza santimita 1 a mita ruwa ba zai tafi da kansa ba, don tayil kansa ba a miƙe yake ɗari bisa ɗari ba, ga layukan tsakaninsu suna riƙe ruwa, ɗan tudun da bai kai kaurin kwali ba ya isa ya tare shi. In kuma aka zarce aka yi kamar santimita 3 ko 4 a mita, ruwa zai gudu kam, amma ƙafa za ta ji karkatar, ga sabulu a ƙasa, tsoho ko mai ciki na iya zamewa. Ni dai a banɗakin gida na fi son 1.5 a faɗin ɗakin gaba ɗaya, in ya so a ɗan ƙara a daidai wajen wankan.

A auna daga tsakiyar magudana zuwa kusurwar da ta fi nisa, wato ta gefen ƙofa. A namu zai ba da kusan mita 2.6. Ka ninka da 1.5, ka samu santimita 4 ba kaɗan, mu ce 4. Ke nan bakin magudana zai yi ƙasa da ɓangaren ƙofa da santimita 4. Bayan wannan akwai wata saukar daban wadda mutane ke mantawa, ita ce ta dokin ƙofa. Tayil ɗin banɗaki a daidai ƙofa ya kamata ya yi ƙasa da tayil ɗin ɗakin kwana da kamar santimita 2, don ranar da gashi ya toshe magudana ko aka sheƙa bokiti biyu a jere, ruwan ya samu abin da zai tare shi kafin ya shiga ɗaki ya jiƙa kafet.

To ka haɗa su ka gani. Santimita 2 na dokin ƙofa, 4 na gangare, tayil da gam ɗinsa za su ci kamar 1.5, sannan kwaɓin da ke ƙarƙashi ko a inda ya fi siranta, wato gefen magudana, bai kamata ya gaza 2.5 ba in ba haka ba zai tsage ya ɓamɓare. Jimla santimita 10. Ma'ana kankaren ƙasan banɗaki dole ya kasance ƙasa da gamammen daɓen ɗaki da santimita 10. In daɓen ɗakin shi ma zai ci santimita 5 a kan nasa kankaren, to a saukar da kankaren banɗaki da 5 tun wajen zubawa, katako kawai birkila zai sa ya raba. Wannan shi ne wajen da aka fi yin asara wallahi, don in aka zuba kankare bai ɗaya ko'ina, mai tayil ba shi da inda zai samo gangaren sai dai ya ɗaga ɓangaren ƙofa sama da ɗaki, ko kuma ya shafe komai ya yi kusan a kwance, kuma yawanci na biyun yake zaɓa tunda shi ne ba a ganewa sai an fara wanka.

In gini ya riga ya wuce nan, kankare bai ɗaya ne, akwai mafita biyu. A ƙasa, in ba bene ba ne, a fasa kankaren banɗakin a sake zuba shi a ƙasa, ɗan wuri ne ba zai ci kuɗi sosai ba. A bene kuwa kada a kuskura a sassaƙe dekin, akwai rodi a ciki kuma kaurinsa da lissafi aka yi shi. Sai dai a haƙura a ɗaga banɗakin, a gina ɗan doki a bakin ƙofa wanda zai fi tayil ɗin ciki tsayi da santimita 2, a riƙa ɗaga ƙafa ana shiga.

Sai fitar da layin awo, wanda duk sauran aikin a kansa zai dogara. A samo siririn tiyo mai haske, irin wanda ake ganin ruwa a ciki, a cika shi da ruwa a tabbatar babu kumfar iska ko ɗaya, don kumfa ɗaya tak tana ɓata awon. A jikin bangon ƙofa a auna mita 1 cif daga gamammen daɓen ɗaki a yi alama. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a kan alamar, ɗayan ya zagaya kusurwa huɗun banɗakin, duk inda ruwa ya tsaya cak ya ja fensir. A haɗa alamomin da igiya a ja layi ya zagaye ɗakin. Kada a yarda a ɗauki awo daga kankaren ƙasa, shi kansa tudu da kwari ne, daga wannan layin ake aunawa zuwa ƙasa.

Daga layin, saman tayil a ɓangaren ƙofa zai zama santimita 102, saman murfin magudana kuma 106. Kowane wuri a ɗakin za ka iya fitar da nasa, ka auna nisansa da magudana ka ninka da 1.5 ka cire daga 106. Misali kusurwar ciki ta hagu nisanta kamar mita ɗaya da rabi ne, don haka za ta zo wajen 103.7. Ita kuma 'yar kusurwar da ke bayan magudana, wadda ba ta kai rabin mita ba, a ba ta santimita 1 cikakke, 105, don nan ma ruwan sabulu na son maƙalewa in an bar shi a kwance. Duk waɗannan na saman tayil ne, in za a yi na kwaɓi sai a ƙara 1.5 a kan kowanne. A rubuta lambobin a jikin bango da fensir ko gawayi inda kowa zai gani, har da mai gida.

Kafin kwaɓi ya sauka sai falamba ya gama nasa. Bututun inci 2 ake sa wa ruwan wanka, kada a karɓi ƙarami don a rage kuɗi, gashi da dattin sabulu za su cike shi. Shi ma bututun yana da nasa gangaren, kamar santimita 2 a kowace mita har ya fita waje, kuma a tallafe shi da kwaɓi a ƙasa don kada ya lotsa a tsakiya lokacin da ake takawa. A rage yawan elbo, duk lanƙwasa wajen taruwar datti ce. Magudanar kuma a sayi mai tarko, wato wadda ke riƙe ɗan ruwa a cikinta ko mai ɗan marfi da ke rufe kansa, shi ne ke hana wari da kyankyasai dawowa daga sokawe. Wadda ba ta da shi rami ne kawai da murfi. A shafa gam a haɗa, a zuba bokiti guda a ga ya fita waje da gudu kuma babu ɗigo a mahaɗa, sannan a zaunar da jikin magudanar a kan kwaɓi, a miƙa igiya daga layin wannan bango zuwa na wancan, a auna daga igiyar zuwa saman murfin ya ba da 106. A ɗora filam, wato ma'aunin nan mai kumfa a ciki, a kanta ta ko'ina a ga ba ta karkace ba. Daga nan a toshe bakinta da tsumma ko takardar buhun siminti a ɗaure, don ruwan siminti in ya gangara ciki ya daskare, sai an fasa ƙasa.

Yanzu kwaɓin gangare. A share kankaren tas, a kankare busasshen simintin filasta da ya zubo, a jiƙa shi amma kada ruwa ya kwanta. Yashi mai kaifi ake so, ba mai laushin filasta ba, kwano 4 na yashi a kwano 1 na siminti. Banɗaki irin wannan zai ci kamar buhu ɗaya da rabi da kwanon yashi 12, ka sayi buhu 2 ka huta. Ruwan kwaɓin kaɗan ne, ka damƙa a hannu ya dunƙule ba tare da ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu ba, in ka matsa da babban yatsa ya farfashe. Lebura zai so ya tsuga ruwa don ya fi sauƙin juyawa, a hana shi, domin kwaɓi mai ruwa da kansa yake bajewa ya nemi kwanciya, gangaren da aka fitar ya gudu kafin ya kama.

Kafin a baza, sai a kafa shaidu. A ɗora ɗan tulin kwaɓi a kowace kusurwa, da bakin ƙofa gefe da gefe, da zagayen magudana, a danna guntun fasasshen tayil a kan kowanne, a riƙa bugawa da ƙotar cokali ana aunawa daga layi har ya zo daidai lambar da aka rubuta. In sun ɗan kama, a dama siminti da ruwa tsululu a shafe kankaren da burushi, a zuba kwaɓi tun yana ɗanye, a fara da yin ɗan siririn layi daga kowace shaida zuwa magudana, sannan a cike tsakani. A daddaka da katako ya zauna sosai, a ɗora renj ko miƙaƙƙen katako, kai ɗaya a kan shaidar bango ɗayan a ta magudana, a riƙa ja ana share abin da ya yi yawa. Kullum bakin renj ɗin yana kallon magudana, ana juya shi kamar hannun agogo ita tana tsakiya. A fara daga ciki a fito da baya ta ƙofa.

Nan bakin ƙofar nake so a tsaya a kula. Shi ne wajen da ake gamawa a ƙarshe, kwaɓi ya kusa ƙarewa, an gaji, nan ne kuma ake ta takawa ana fita ana shiga, don haka shi ya fi lotsawa. Santimita 50 ɗin farko daga ƙofa sai an duba su daban. A ɗora filam daga dokin ƙofa ya nufi magudana, kumfar ta gudu ta koma ɓangaren ƙofa, in ta tsaya a tsakiya to wajen a kwance yake, a ƙara kwaɓi. A tsugunna kuma a leƙa ƙarƙashin renj, in haske yana ratsowa a wani wuri to kwari ne, nan ruwa zai zauna. A duba bayan ƙofa ma, ɗan lungun da ƙofa ke rufewa in an buɗe ta, kusan kullum ana mantawa da shi.

A bar shi ya kwana, washegari a fara yayyafa masa ruwa safe da yamma na kwana 3 zuwa 7, musamman lokacin hunturu da zafin bazara da iska ke busar da siminti kafin ya yi ƙarfi. Bayan ya kama sai gwaji, kuma wannan gwajin kafin tayil ake yinsa, lokacin da gyara ba zai ci komai ba sai ɗan siminti. A cire tsumman, a cika bokiti a tsaya a bakin ƙofa a zuba a hankali. Ruwan ya kama hanya da kansa. A jira minti 5 a dawo, duk inda aka ga ya kwanta bai gangaro wajen magudana ba a zagaye shi da alli a cike. In bene ne, a nan ake shafa maganin hana yoyo, shafi biyu, a hau da shi jikin bango kamar santimita 15 zuwa 20, a bangon wajen wanka kuma har sama da tsayin mutum, a kula da kusurwoyi da wuyan magudana. In ya bushe a toshe magudanar a tara ruwa ya kwana guda, a sauka ƙasa a duba silin.

Zaɓen tayil ma yana cikin maganar gangare. Ƙasan da ke gangarowa daga ko'ina zuwa wuri ɗaya ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan lanƙwasa, shi kuma tayil ba ya lanƙwasuwa. In ka kawo manya masu 60 da 60, ko dai gefunansu su riƙa ɗagowa suna tare ruwa suna yankar yatsa, ko mai tayil ya cika gam a ƙasa ya daidaita su ya kashe maka gangaren da aka sha wahala a kai. Masu 30 da 30 ko ƙasa da haka sun fi bin ƙasa, kuma a ɗauki mai kaushi ba mai sheƙi ba. In mai gida ya nace sai manya, to a yanka su da giranda a karkace, layin yankan ya taso daga kusurwar magudana ya nufi kusurwar ɗaki, kowane ɓangare ya gangaro da kansa. Ko kuma tun farko a sayi doguwar magudana a shimfiɗa ta a gindin bangon ciki, ƙasan gaba ɗaya ya gangara fuska ɗaya, wannan ya fi sauƙin aiki amma ta fi tsada.

Wajen ɗorawa a fara daga magudana a fito. Tayil ɗin da ke zagaye da ita ya ɗara murfin tsayi da milimita 1 ko 2, kada murfin ya fi shi ko da kaɗan, in ba haka ba za ka ga zoben ruwa ya kewaye ta kullum. Kaurin gam ya zama ɗaya ko'ina, da cokali mai haƙora ake samun haka. Da yawa daga masu tayil ɗinmu sun saba ɗorawa kai tsaye a kan ɗanyen kwaɓi su yi komai rana ɗaya, ƙwararre yana iya fitar da shi da kyau, amma ko da haka za a yi kada a yarda ya fara sai ya kafa shaidun nan an auna a gabanka. Duk layi biyu da ya ɗora a sa filam. Tayil ɗin bango kuma layin ƙasansa ne ake yankawa ya bi gangaren, wani mai aikin sai ya daidaita ƙasa da layin bango don ya guje wa yanka, daga nan gefen bango ya koma a kwance. A cike layuka da farin siminti ko abin cikewa na kanti bayan kwana ɗaya, a cike su daf da saman tayil, a sake gwajin bokiti kafin a biya cikon kuɗin aiki.

Wanda kuma nasa ya riga ya lalace, ya fara gano irin ciwon. Zuba ruwa kai tsaye a cikin magudanar, in yana taruwa yana sauka a hankali to toshewa ce ko bututu ya lotsa, aikin falamba ne. In yana wucewa lafiya amma na ƙasa ba ya isowa, gangare ne. Sheƙa bokiti ka jira, ka zagaye inda ya kwanta da alli, ka ɗora renj daga nan zuwa magudana. Wani lokacin tayil biyu ko uku ne a tsakiya suka yi tudu suka tare hanya, su kaɗai za a cire a rage ƙasansu a mayar. In kwarin a bakin ƙofa yake kuma akwai sauran tsayi a dokin, a ɗaga layi biyu ko uku na wajen a ƙara kwaɓi. Amma in renj ya nuna ɗakin gaba ɗaya ƙofa yake kallo, faci ba zai yi ba, sai an kwashe tayil ɗin duka an sake kwaɓi. Ɗora marmara a bakin ƙofa yana hana ruwan shiga ɗaki, amma yana nan kwance a bayanta, yana cin gindin firam, na katako ya ruɓe na ƙarfe ya yi tsatsa, fentin bangon ɗaki ta waje ya fara kumbura yana zuba. In ka ga wannan kumburin a gindin bango kusa da ƙofar banɗaki, ruwan ya riga ya shiga ƙarƙashin tayil, don haka in an kwashe a bar kankaren ya sha iska ya bushe sosai kafin a zuba sabon kwaɓi.